Ƙarfe Goma A Sakatariya, Sha Ɗaya A Fada: Wa Ya Ƙidaya Hanya?

Akwai wata 'yar takarda wadda ba ta wuce shafi guda ba, amma ita ce ke juya manyan mutane a Yerwa tun daga hantsi har faɗuwar rana, watau takardar tsarin ziyara. Duk lokacin da wani babban baƙo zai shigo gari, ko jami'in gwamnati ne daga Abuja, ko wakilin wata ƙungiyar agaji, ko shugaban 'yan kasuwa daga Kano, sai a sa wani magatakarda ya zauna ya tsara masa wuraren da zai je da mutanen da zai gani. Magatakardan kuwa, sabo da yana so a yaba masa, sai ya jera tarurruka kamar an jera tubali, wannan na bin wannan, babu ko tsagar da allura za ta shiga. Ƙarfe goma a nan, sha ɗaya a can, sha biyu a wani wuri. A kan takarda abin gwanin sha'awa. Sai ranar ta zo a ga dattawa zaune a kan benci tun azahar suna jiran wanda ba zai iso ba sai bayan la'asar.

In haka ta faru, abin da aka saba ji shi ne wai mutanenmu ba su san darajar lokaci ba. Wannan magana ta yi sauƙi da yawa, kuma sau tari zalunci ce ga wanda ake faɗa wa ita. Mutumin da ya makara da awa uku alhali kuwa tun safe bai zauna ya sha ruwa ba, ba raina lokaci ya yi ba, takarda ce ta yi masa alkawarin abin da babu mahaluƙin da zai iya cikawa. Ta ce ya bar wani ofis ƙarfe 11, ta kuma ce ya kasance zaune a wani wuri dabam ƙarfe 11 ɗin nan, sai ka ce mai layar zana.

Garin da Shehu Garbai ya zauna a 1907 bayan barin Kukawa gari ne da mutum zai ratsa shi da ƙafa daga Dandal zuwa bakin kogi bai yi gumi ba. Yerwa ta yau ba ita ba ce. Ta miƙe ta yamma har ta wuce Bulunkutu da filin jirgin sama ta nufi Njimtilo, ta miƙe ta hanyar Baga, da hanyar Dikwa, da hanyar Bama, da hanyar Dambuwa. Tun wajen 2014, da rikici ya kori jama'a daga garuruwa da ƙauyuka, dubban mutane suka kwararo cikinta, kuma ko da gwamnatin Jihar Borno ta fara rufe sansanonin cikin gari a 2021, da yawa ba su koma ba. An hana hawa babur tun watan Yuli na 2011, sabo da haka aikin da ɗan acaɓa yake yi a da, na kutsawa ta lungu ya kai mutum cikin ƙiftawar ido, ya koma hannun keke mai ƙafa uku, wanda mutanen gari ke kira nafef, Kanawa kuwa a-daidaita-sahu. Shi kuwa keken nan faɗin titi yake ci, kuma duk inda fasinja ya ɗaga hannu nan ne tasharsa.

Sa'an nan ga kogin Ngadda, wanda ya raba garin biyu. Fadar Shehu, da Kasuwar Monde, da Fos Ofis, da Sakatariyar Musa Usman, da hanyar Baga, da filin jirgin sama, duk suna ɓangare guda. Jami'ar Maiduguri da Asibitin Koyarwa da unguwar Gwange suna ɗaya ɓangaren. Duk wanda zai tashi daga wannan gefe zuwa wancan tilas ya bi ta ɗaya daga cikin 'yan gadojin da ake da su, kuma a bakin gadojin nan ne motocin gari duka ke haɗuwa. Mutanen Yerwa sun ga iyakar wannan al'amari ranar 10 ga Satumba, 2024, sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye gadar Titin Legas da ta Gwange, ya lalata ta Fori, garin ya zama tamkar garuruwa biyu. Gadar sama ta Kwastam da aka buɗe a watan Disamba na 2021, da waɗanda aka ƙara bayanta, sun rage wahala a mahaɗun da suke, amma ba su ɗauke kogin daga inda Allah ya ajiye shi ba.

To, bari a ɗauki misali guda a bi shi daki-daki, domin a lissafi ne gaskiyar maganar take. Mintocin da za a ambata na misali ne, irin waɗanda direban da ya san gari zai ƙiyasta a ranar aiki, kowane mai tsara ziyara kuwa sai ya auna nasa.

A ce wani jami'i ne na wata hukumar ba da rance ga manoma da 'yan kasuwa zai zo daga Abuja ranar wata Talata cikin watan Afrilu. Aka rubuta masa cewa jirginsa zai sauka ƙarfe 9.30 na safe. Ƙarfe 10 zai gana da wani babban sakatare a Sakatariya. Ƙarfe 11 zai kai gaisuwa fada. Ƙarfe 12 zai zauna da wasu malaman aikin gona a jami'a. Ƙarfe 1 zai ga shugabannin 'yan kasuwar kifi a hanyar Baga. Ƙarfe 2 kuma wakilan wata ƙungiyar manoma da suka taso daga Benishek za su same shi a masaukinsa, wanda ke can yamma da gari wajen filin jirgi. Taro biyar, kowanne awa guda, ƙarfe 3 an gama. Duk takardar nan minti 30 kacal ta ware don tafiya, su ne na daga filin jirgi zuwa Sakatariya.

A ce kuma an yi sa'a jirgi ya sauka a kan kari. Kafin baƙo ya sauko, ya karɓi jakarsa, ya gaisa da waɗanda suka zo taryarsa, a shiga mota, ƙarfe 9.50 ta yi. Hanya ta ci minti 25. Daga ƙofar Sakatariya kuma sai an tsaya wa masu gadi, an nemi wurin ajiye mota, an hau bene, an zauna a ɗakin jira an kai wa mai ofis labari. Ƙarfe 10.25 aka fara magana. Babu wanda ya yi laifi, amma an riga an ci bashin minti 25. Babban sakatare ya ba da awarsa guda cif kamar yadda aka roƙa, aka tashi ƙarfe 11.25, aka ɗauki hoto, aka yi rakiya har gindin mota, aka nemo direba a inuwar da ya fake. Ƙarfe 11.35 mota ta motsa.

Daga nan zuwa fada ba wata tafiya ba ce in da dare ne. Amma da hantsin ranar aiki, ta wajen Fos Ofis da bakin kasuwa, inda keke da baro da mai tallan ruwa ke rabon titi, minti 20 bai yi yawa ba. Fada kuwa ba ofis ba ce da mutum zai tura ƙofa ya shiga. Sai an yi masa iso, ya tuɓe takalmi, an nuna masa wurin zamansa. Ƙarfe 12.05 aka shiga, watau an bar fada tana jira awa guda da minti biyar, abin da ko yaro ya san bai kamata ba. Aka yi gaisuwa, aka faɗi abin da ya kawo baƙo, aka yi addu'a, aka sallame shi ƙarfe 12.50. Ƙarfe 1 daidai ya bar Dandal, a daidai lokacin da takarda ke cewa yana hanyar Baga.

Yanzu sai ƙetare kogi, ga rana ta take, ga 'yan makaranta sun fara fitowa. Minti 30 kafin a kai ƙofar jami'a. A ƙofar ma akwai bincike, domin tun bayan hare-haren 2017 ba a shiga jami'ar nan kai tsaye, kuma harabarta gari ce guda, daga ƙofa zuwa tsangayar da ake nema wata tafiya ce. Ƙarfe 1.40 baƙo ya isa ɗakin taro ya tarar da kujeru, malaman da suka zauna tun 12 sun tafi sallar azahar. Shi ma ya yi tasa. Kafin a sake haɗuwa ƙarfe 2 ta yi. Aka yanke taron zuwa minti 40, aka bar rabin abin da za a tattauna, mota ta tashi ƙarfe 2.50, ta sake ƙetare kogin nan, ta sake ratsa tsakiyar gari, ta isa hanyar Baga ƙarfe 3.30, ana shirin kiran la'asar. 'Yan kasuwa, waɗanda suka bar rumfunansu a hannun yara tun kafin ƙarfe 1, suka samu minti 30, daga 3.50 zuwa 4.20, a wurin mutumin da tun shayin asuba bai sa komai a cikinsa ba, idonsa na kan agogo, kunnensa ba ya tare da su. Ƙarfe 4.50 ya isa masauki. Manoman Benishek sun tafi tun 3.30.

In aka tara dukan lokacin da ya shige tsakanin tashi daga wani zama da fara wani, tun daga saukar jirgi, za a samu minti 265, watau awa huɗu da minti 25, a inda takarda ta ware minti 30. Abin lura a nan shi ne, a cikin minti 265 ɗin nan, minti 140 ne kaɗai tayar mota ke juyawa a kan titi. Sauran minti 125, kusan rabi ke nan, sun tafi ne a wurin sallama da rakiya, da neman direba, da tsayawa a ƙofa, da hawa bene, da jiran iso, da salla. Wannan shi ne abin da ke kayar da ko magatakardan da ya yi ƙoƙari. Yakan duba taswirar da ke cikin wayarsa ta ce masa minti 18, ya rubuta 20 yana ganin ya yi hattara. Taswira kuwa daga bakin titi zuwa bakin titi take aunawa. Ba ta san cewa a Yerwa ba a yanke gaisuwa ba, sai an tambayi gida da iyali da gajiya da zafi, ana wushe ana lale, kuma mai gida ba ya barin baƙonsa ya fita shi kaɗai kamar wanda aka kora. Awon da ke da amfani shi ne daga kujera zuwa kujera: daga sa'ad da aka shafa fatiha a wancan wuri zuwa sa'ad da aka yi bisimilla a wannan.

Abu na biyu da lissafin ya nuna ya fi na farko ɗaci. Makara ba ta tsayawa inda aka haife ta, gaba take yi tana ƙiba. Minti 25 ne a Sakatariya, ta zama 65 a fada, ta zama awa biyu a jami'a, ta kai awa biyu da minti 50 a hanyar Baga, duk da an yi ta datse tarurruka don a kamo ta. Su wa aka datse wa? Babban sakatare ya sami awarsa cikakkiya. Wanda aka ajiye a ƙarshen takarda shi ya biya bashin kowa, kuma in mai karatu ya duba irin takardun nan zai ga kusan kullum masu ƙaramin ƙarfi ake ajiyewa a ƙarshe: manoma, da ƙungiyoyin mata, da masu unguwanni, da waɗanda suka biya kuɗin mota daga aljihunsu.

Manoman nan kuwa ba fushi ne ya tashe su ba. A Borno agogon matafiyi ba irin na sauran wurare ba ne. A daren 9 ga Fabrairu, 2020, matafiya da suka iso Auno, kimanin kilomita 25 daga Yerwa a kan hanyar Damaturu, suka tarar an rufe hanyar shiga gari tun ƙarfe 5 na yamma, suka kwana cikin motocinsu, mahara suka auka musu, aka rasa rayuka aƙalla 30. Allah ya jiƙansu. Sa'ar rufe hanya da buɗe ta abu ne da hukumomin tsaro ke canjawa gwargwadon hali, kuma a tasha ake tambayarsa ran da za a yi tafiya, amma babu mutumin Benishek ko na Damaturu da ke so yamma ta yi masa a kan hanyar nan. Wanda ya sa shi a ƙarshen takarda ya ba shi zaɓi ne tsakanin abu uku: ya tafi bai ga wanda ya zo gani ba, ko ya kwana a gari da kuɗin da bai tanada ba, ko ya kama hanya a lokacin da bai kamata ba.

Yaya za a gyara? Ba a fara tsara rana da tarurruka, da turaku ake farawa, watau abubuwan da ba su gusawa don kowa. Salla turke ce. A nan akwai wani abu da masu tsara ziyara daga nesa ke mantawa: agogon Nijeriya ɗaya ne, amma ranarta ba ɗaya ba ce. Yerwa tana can gabas, sabo da haka rana na riga faɗuwa a cikinta da fiye da minti 20 kafin Abuja, da kusan minti 40 kafin Legas. A watan Nuwamba wajen ƙarfe 5.40 an kira magariba a Yerwa. Wanda ya zauna a Legas ya sa taron awa guda ƙarfe 5 na yamma yana ganin da sauran rana, ya sa taron minti 40 ne bai sani ba. Lokacin da fada ta bayar shi ma turke ne, ba a ja da shi, ba a kuma makara masa. Tashin ma'aikata ƙarfe 4 turke ne. Lokacin da baƙin ƙauye za su kama hanya turke ne. Sai an kafa waɗannan tukuna a ga filin da ya rage, sa'an nan a san yawan tarurrukan da zai ɗauka.

Bayan turaku sai kogi. A tara duk abin da ke gefe guda a yi shi a jere, a ƙetare sau ɗaya, a dawo sau ɗaya. Takardar da aka bi a sama ta sa jami'a a tsakiyar rana tsakanin fada da hanyar Baga, watau ta sayi ƙetare biyu a mafi munin lokaci, minti 70 a kan titi don zaman minti 40.

In aka sake tsara ranar nan bisa wannan, ga yadda za ta kasance. Jirgi ya sauka 9.30. Tun da masauki na kusa da filin jirgi, kuma ta wannan gefen manoman Benishek ke shigowa gari, su za a fara gani, ƙarfe 10.15 zuwa 11, su kama hanyarsu da rana tsaka. In jirgi ya yi jinkiri ma suna da sararin jira ba tare da fargaba ba. A roƙi fada ƙarfe 12, a bar masauki 11.10, a isa da sauran kusan minti 20 a hannu. Zaman jiran nan ba asara ba ne, gara baƙo ya jira fada da fada ta jira baƙo. Daga ƙarfe 1 zuwa 2.15 babu taron kowa, salla ce da abinci da miƙe ƙafa. Ƙarfe 2.30 Sakatariya, a tashi 3.30 kafin ma'aikata su watse. A yi la'asar, a nufi hanyar Baga, a ce wa 'yan kasuwa ƙarfe 4.45, lokacin da rana ta yi sanyi, ciniki ya lafa, a gama 5.30, da sauran fiye da rabin awa kafin magaribar Afrilu. Jami'a kuwa sai washegari ƙarfe 9 na safe.

Za a ce ai an mai da aikin kwana ɗaya na kwana biyu, ga kuɗin masauki, ga wani aiki na jira a Abuja. Gaskiya ne, kuma ba kullum ake da halin ƙara kwana ba. In babu hali, to, sai a cire taro guda tun a kan takarda, a gaya wa masu shi tun da wuri, a sa musu wata rana. Abin da ba shi da kyau shi ne a bar biyar ɗin a rubuce alhali an san huɗu rana za ta ɗauka, domin ko an ƙi ko an so sai ɗaya ya faɗi, bambancin kawai shi ne a wancan tsari mutum ne ya zaɓi wanda za a ɗage cikin mutunci, a wannan kuwa cinkoson titi ne zai zaɓa, bayan an zaunar da mutane sun sha rana. Tsohuwar takardar ma, in aka duba, huɗu ta samar, biyu daga ciki guntaye.

Awa guda da kwata da aka bari da tsakar rana ita ce magatakarda ya fi jin kunyar rubutawa, yana tsoron kada mai gidansa ya ce an mai da shi rago. Bai kamata ya ji kunya ba. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yerwa yakan haura digiri 40, motar da ta tsaya a rana awa guda kuwa tanda ce. Mutumin da ya tashi tun asuba ya kama jirgi, ya yi zama biyu yana magana, in ba a bar shi ya ci ya sha ya yi shiru na ɗan lokaci ba, jikinsa ne kawai zai isa zama na uku. Ana gane shi: yana maimaita tambayar da aka riga aka amsa, yana cewa to, to, ga abin da ya kamata ya tsaya ya bincika, yana amincewa da abin da gobe zai warware. A sha'anin rance irin na misalin nan, wannan to ɗin ta gajiya tana iya zama bashin da wasu za su shekara suna biya. In da azumi ne kuwa sai a rage tarurrukan gaba ɗaya a tattara su kafin azahar, domin daga la'asar hankalin kowa ya koma gida, titi kuma ya cika da masu sauri su riski buɗa baki.

Akwai kuma wanda ba a taɓa rubuta sunansa a takardar ba, alhali a hannunsa ran kowa yake, shi ne direba. Manya na ciki ana ba su ruwan sanyi, shi yana waje yana gadin mota, ba ya iya nisa don bai san lokacin da za a fito ba. In an makara shi ake cewa ya taka. Hutun tsakar rana nasa ne kafin na kowa, kuma wajibi ne a gaya masa a fili cewa daga ƙarfe kaza zuwa kaza ba a bukatarsa. Bugu da ƙari shi ne masanin da ya kamata a fara tambaya tun ana tsara takarda. Amma tambayar ma da yadda ake yin ta. In aka ce masa, "Malam, daga fada zuwa jami'a da nisa?" zai ce, "Babu nisa, ranka ya daɗe," kuma bai yi ƙarya ba. Sai a ce masa, "Ranar Talata ƙarfe 1 na rana, in muka bar Dandal, ƙarfe nawa za mu tsaya a ƙofar tsangayar aikin gona, kuma ta wace gada?" A nan zai yi shiru ya lissafa. In ziyarar mai nauyi ce, a sa shi ya bi hanyar a irin ranar da irin sa'ar mako guda kafin zuwan baƙo. Abin da ya samu a ƙara masa minti 20 na sallama da ƙofa da iso. In motoci sun kai uku ko huɗu a ƙara wani abu, don ayari da tafiyar na baya yake tafiya.

Ranaku ma ba ɗaya ba ne. Ranar Juma'a rabin rana ce ga mai tsara taro, domin tun kafin a hau mumbari sahu ya fito kan titi a kewayen manyan masallatai, an tare hanya, bayan an sauko kuwa ba kowa ke komawa ofis ba. Da damina, musamman Agusta da Satumba, ruwan awa guda ya isa ya cike wasu tituna ya tura motoci duka kan 'yan hanyoyin da suka rage. Da hunturu kuma hazo kan hana jirgi sauka ko ya jinkirta shi, sabo da haka tsakanin Disamba da Fabrairu duk wanda ke da zama mai muhimmanci da safe, ya kwana a gari shi ne daidai.

Saura yadda ake faɗa wa mutane lokacin. Mai neman ganawa yakan faɗi sa'ar zuwansa ya yi shiru a kan sa'ar tashinsa, don yana jin nauyin ya ce wa babba zai tashi. Alhali kuwa faɗinta tun farko shi ne ladabi, kuma shi ke ba mai gida damar ya sallami baƙo da kansa ba tare da an yi ta satar kallon agogo a gabansa ba. Wasiƙar ko saƙon sai ya zama kamar haka: "Ranka ya daɗe, muna roƙon ganawa ranar Talata daga ƙarfe 2.30 zuwa 3.30. Daga wurinka za mu wuce hanyar Baga inda wasu dattawa ke jiranmu, sabo da haka muna neman a sallame mu a kan lokaci." Babu babban da zai ji haushin wannan. Ga na ƙarshen takarda kuwa, a gaya musu gaskiya cewa su ne na huɗu a ranar, a karɓi lambar wayar mutum guda daga cikinsu, a ce kada su bar rumfunansu sai an kira. A cikin 'yan rakiyar baƙo a sa mutum ɗaya wanda aikinsa ke nan: da an shafa fatiha a wuri, kafin a kai ga mota, ya buga wa na gaba waya ya ce, "Alhaji, yanzu muka tashi daga Sakatariya, za mu tsaya la'asar, in Allah ya so biyar saura kwata muna wurinku." In kuwa ya ga makarar ta haura rabin awa, ba zai ce "ga mu nan tafe" ba alhali ba a tashi ba. Zai faɗi sa'ar da ya lissafa, ya tambaye su ko za su iya jira ko a ɗage, ya kai wa mai gidansa amsarsu kafin mota ta fita daga ƙofa.